Sabuwar Takardar Sito da 'Yar Wasiƙar da Ke Rakiyarta



Sharhinmu na yau ya shafi masu shaguna da manajoji da duk wanda aka damƙa wa mabuɗin sito, musamman masu sayar da kayan masarufi a sari, irin waɗanda ake gani a Kasuwar Singa ta Kano da takwarorinta na Kaduna da Sakkwato da Maraɗi. Maganar ita ce, idan maigida ya sauya takardar da ake rubuta shiga da fitar kaya a sito, me ya kamata ya rubuta wa ma'aikatansa a 'yar gajeruwar wasiƙa, domin takardar ta yi aikin da aka kawo ta dominsa.

Abin da aka saba gani shi ne, maigida ya ƙirga kaya ya tarar da giɓi, ransa ya ɓaci, ya sa a buga masa sabuwar takarda mai layuka da yawa, a kawo damin takardu a dire a kan tebur, a ce wa yara daga yau da wannan za a riƙa aiki. Ba a faɗi abin da ya sauya ba, ba a faɗi abin da aka hana ba. Bayan 'yan makonni sai ka tarar ana cike gurbi uku kawai, wato suna da shiga da fita, sauran guraben babu ko ɗigo. An koma gidan jiya, sai dai an yi asarar kuɗin bugu. Ni dai a ganina laifin ba na yaran shago ba ne. Takarda ba ta bayanin kanta, kuma mutum ba ya barin abin da ya saba sai an kira abin da sunansa an ce masa an daina.

Bari mu ɗauki misali da lissafi, don a ga inda tsohuwar takarda take yoyo. Mu ƙaddara shago ne mai sayar da taliya, irin katan ɗin nan mai ɗauke da leda 20, kowace leda giram 500. Da safe takarda ta nuna akwai katan 84 a sito. Da hantsi mota ta sauke katan 200, ya zama 284. Zuwa yamma rasit ya nuna an sayar da katan 46. Ashe ke nan abin da ya kamata ya rage shi ne 238. Aka shiga sito aka ƙirga, sai aka sami 229. Katan 9 sun yi ɓatan dabo, kuma idon kowa ya koma kan mai riƙe da mabuɗi.

To amma da za a zauna a bi sawu a tsanake, ga abin da za a iya tararwa. Maƙwabci ya aiko yaronsa da rana ya ari katan 5, domin mai sayensa na tsaye kuma kayansa ba su iso ba, ya ce gobe zai mayar. Wannan al'ada ce ta kasuwa, kuma ba abin ƙi ba ce. Maigida da kansa ya ce a sa katan 2 a mota a kai gida. An fasa katan 1 an jera a kanta don masu sayen ɗai-ɗai. Katan 1 kuma ruwa ya taɓa shi wajen saukewa, aka ture shi gefe da nufin a mayar wa dila. Biyar da biyu da ɗaya da ɗaya, ga tara ɗin nan sun cika. Babu wanda ya saci ko tsinke. Abin da ya faru kawai shi ne kaya sun fita ta ƙofofi huɗu, alhali tsohuwar takarda ƙofa ɗaya ta sani, wato sayarwa. Saboda haka babban abin da sabuwar takarda take ƙarawa shi ne gurbin dalilin fita, kuma shi ne gurbi na farko da wasiƙar za ta bayyana.

Akwai wata fuskar da ta fi wannan haɗari, domin ita ba ta sa kowa ihu. A ce a wannan ranar wani ɗan kasuwa daga ƙauye ya biya kuɗin katan 9, an yanka masa rasit, suna cikin 46 ɗin nan da aka ce an sayar, amma ya ce a ajiye masa sai ranar da motar garinsu za ta tashi. Kayansa suna nan jibge cikin na shago. Idan aka ƙirga za a sami 238 cif, takarda da sito sun yi daidai, kowa ya tafi gida hankali kwance. Giɓin yana nan, kayan mutane ne suka rufe shi. Sai ranar da mai kaya ya zo ya kwashi abinsa asiri zai tonu, a lokacin kuma an yi kwanaki, babu mai iya tuna wa ya ɗauki me. Shi ya sa gogaggen mai kula da sito ba ya murna idan ya ga kaya sun yi rara. Rara da giɓi duk abu ɗaya suke faɗa, wato akwai abin da ba a rubuta ba.

Yanzu ga irin wasiƙar da nake nufi. Zan karanta ta kamar yadda za a manna ta a ƙofar sito.

"Ga dukkan ma'aikata. Assalamu alaikum. Daga ranar Litinin, 3 ga wata, za mu fara aiki da sabuwar takardar sito. Ranar Lahadi da yamma za mu ƙirga duk kayan da ke sito tare, abin da muka samu shi ne zai zama adadin farko a sabuwar takarda. Tsofaffin takardu kuma a miƙa su ofis a ranar.

"Abin da ya sauya guda uku ne. Kowane irin kaya yana da shafinsa, da sunan kamfani da girman kayan a sama. An ƙara gurbin dalilin fita, wato sayarwa, ko aro, ko kai wa kanta, ko lalacewa, ko na gida. An kuma ƙara gurbin ranar da kaya za su daina aiki.

"Abin da muka daina guda huɗu ne. Babu fitar da kaya a ce za a rubuta anjima. Babu gogewa ko shafe rubutu, idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a rubuta daidai a gefe a sa hannu. Babu haɗa katan da ɗai-ɗai a layi guda. Babu barin kayan da aka riga aka biya cikin kayan shago, a kai su ɓangaren ajiya da sunan mai su.

"Wannan ya shafi kowa, har da ni. Duk kayan da na sa a fitar, a kawo mini takarda in sa hannu kafin su fita. Wanda bai gane wani gurbi ba ya tambayi manaja kafin Litinin. Na gode."

Iyakarta ke nan. Ba ta wuce shafi guda ba, kuma da gangan ne. Wasiƙar da ta kai shafi uku, yaron shago zai karanta gaisuwar da ke sama ya duba sa hannun da ke ƙasa, ya ninke ya sa aljihu.

Masu sauraro za su lura cewa kafin a ambaci sabon gurbi ko ɗaya, an fara da rana da kuma ƙirga. Ranar dole ta zama takamaimai, domin idan aka ce nan gaba kaɗan za a fara, to wasu za su fara yau wasu sai wani mako, a wayi gari kaya ɗaya suna da lissafi biyu. Ƙirgar kuwa ita ce tushen komai. Idan aka kwafo adadin da ke tsohuwar takarda aka zuba a sabuwa, to an kwaso tsohon giɓi an shigo da shi sabon gida, kuma duk wanda ya karɓi sito a ranar ya gaji bashin da bai ci ba. A ƙirga da hannu, a buɗe layin baya a duba, domin katan ɗin da babu komai a ciki yakan zauna lafiya lau a tsakiyar jeri. Karɓe tsofaffin takardu ma ba don ƙawa aka sa shi ba. Muddin akwai ragowar tsohuwa a aljihun tebur, ranar da kasuwa ta cika ita hannu zai fara kaiwa. A nan zan ɗan ratse in ce kada a zaɓi jajibirin azumi ko makon Sallah don fara wannan aiki. Lokacin da mutane ke layi a ƙofar shago babu mai natsuwar koyon sabon abu.

Maganar shafi ɗaya ga kowane kaya, dalilinta a fili yake. Idan aka rubuta taliya kawai, ko madara kawai, to an zuba kayan kamfanoni dabam-dabam masu farashi dabam-dabam a tukunya ɗaya. Adadi zai iya cika, amma kuɗi su ƙi cika, saboda mai tsada ya fita an bar mai araha a madadinsa. Haka man girki, jarka mai lita 25 da ƙaramin galan ba su da haɗi a lissafi. Haka sukari, buhu mai kilo 50 idan an farke shi an fara awo da kwano, ya tashi daga kayan sito ya koma kayan kanta, kuma a ranar da aka farke shi za a rubuta ya fita. Wannan ne ma ya sa aka hana haɗa katan da ɗai-ɗai. Wanda ya ga an rubuta 12 a gurbin fita, ba zai san katan 12 ake nufi ba ko leda 12, kuma tsakaninsu akwai leda 228.

Gurbin ranar daina aiki shi ma yana da tasa tsohuwar al'adar da yake yaƙa. 'Yan dako idan suna sauke mota, inda ya fi kusa da ƙofa nan suke jibge kaya, kuma ba za ka ga laifinsu ba, nauyi ne a kansu. Mai fitar da kaya shi ma na bakin ƙofa yake ɗauka. Da haka sabon kaya ke fita, tsoho yana kwance a lungu har wa'adinsa ya wuce. Kayan abincin da ke cikin leda da gwangwani, hukumar NAFDAC ta wajabta a buga musu ranar da wa'adinsu zai ƙare da lambar rukunin da aka sarrafa su, saboda haka bayanin yana nan a jikin katan, kwafe shi kawai za a yi a ranar da kaya suka shigo. Ƙa'idar ita ce wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ne zai fara fita, ko da kuwa shi ya shigo daga baya, domin yakan faru dila ya kawo maka yau abin da ya daɗe a nasa siton. Idan ranar tana kan takarda, manaja yana zaune a ofis zai ga cewa saura wata biyu ga madarar nan, ya sa a matso da ita gaba ko a sassauta farashinta tun tana da mai saye.

Yanzu mu zo kan al'adun da aka hana, kuma a nan ne yawancin irin waɗannan wasiƙu suke faɗuwa. Za ka ga an rubuta cewa a riƙa kula, a ji tsoron Allah, a riƙe amana. Duk gaskiya ne, amma babu wanda zai karanta wannan ya ga da shi ake, domin kowa yana ganin kansa mai amana ne. Yaron da ya ce ɗauki kawai zan rubuta anjima, bai ɗauki kansa maci amana ba, yana ganin sauri yake yi wa mai saye. Sai an rubuta masa ainihin kalmar da yake faɗa da bakinsa sannan zai gane cewa ita ce aka hana. Kuma wannan anjima ɗin ita ce uwar yawancin giɓi. Tsakanin azahar da la'asar mutum goma sun karɓi kaya, da magariba ana son rufe shago sai a zauna ana cike takarda da ka. Abin da za a rubuta a lokacin ba abin da ya faru ba ne, abin da aka iya tunawa ne. Akwai alamar da ke tona wannan, za ka ga layukan yini guda duka da biro ɗaya, da hannu ɗaya, a tsare tsaf babu ko datti, adadin kuma duk goma-goma da biyar-biyar. Takardar da aka cike a bakin sito ana tsakiyar aiki ba ta fitowa da wannan tsafta.

Hana gogewa kuwa, wasu ma'aikata sukan ɗauke shi a matsayin zargi, alhali su yake karewa. Idan ka rubuta 60 maimakon 16, ka ja layi ɗaya a kai ka rubuta 16 a gefe ka sa hannu, duk wanda ya duba zai ga kuskuren ya ga gyaran. Idan kuwa ka shafe shi da farin ruwan nan na goge rubutu, ko ka dagargaza shi da biro, to babu mai iya shaidar abin da ke ƙasa, kuma ranar da aka sami matsala wannan tabon ne za a fara nunawa. Don haka ma ba a cike takardar sito da fensir. Yana da kyau kuma a sa wa shafukan lamba tun kafin a raba su, don idan an yage ɗaya a gane.

Wani abu da na so masu rubuta irin wannan wasiƙa su kiyaye shi ne, duk al'adar da ka hana, ka faɗi abin da zai maye gurbinta. Ba za ka iya hana aro tsakanin maƙwabta a kasuwa ba, gobe kai ne za ka nema. Abin da za ka ce shi ne a rubuta shi da sunan shagon da ya ara, ranar da aka mayar kuma a rubuta ya shigo. Ba za ka hana mai saye barin kayansa ajiya ba, da haka ake riƙe abokin ciniki, sai dai ka ware wa ajiyar kusurwarta. Hanin da bai bar wata hanya ba, a ɓoye ake karya shi, daga nan kuma an rasa har ɗan rubutun da ake samu a da.

Sai layin nan da ya ce har da ni. A wurina shi ne layin da ya fi kowanne nauyi a wasiƙar, kuma shi ne wanda masu shaguna suka fi tsallakewa. A tsarinmu yaro ba ya tsayar da maigidansa. Idan Alhaji ya leƙo ya ce kai, sa buhu biyu a mota, yaron da aka yi wa tarbiyya zai ce to, ranka ya daɗe, ya sunkuya ya ɗauka. Ba zai buɗe baki ya ce sai ka sa hannu ba. Haka idan ƙanin Alhaji ne ko babban ɗansa, ko an aiko daga wurin Hajiya. Saboda haka idan maigida bai ba da wannan izini a rubuce ba, to ya bar ƙofa mafi girma a buɗe, kuma yara suna kallo. Ranar farko da ya fitar da kaya ba rubutu, a ranar dokar ta mutu ga kowa. Ba ana cewa ba shi da ikon dukiyarsa ba ne. Kayansa ne, ya kai gida, ya yi kyauta, ya yi sadaka, babu mai tambayarsa dalili. Sa hannun nan amfaninsa shi ne ya wanke wanda zai amsa tambaya a ƙarshen wata, ya kuma nuna wa shi maigidan nawa gida yake ci daga jari, wanda sau da yawa ya fi abin da yake zato.

Abin da ban sa a wasiƙar ba shi ma da dalili. Ban ambaci giɓin watan jiya ba, ban kira sunan kowa ba, ban yi barazanar kora ko yanke albashi ba. Idan akwai wanda ake tuhuma, wannan magana ce ta ofis tsakanin mutum biyu ko uku. Da zarar an cusa ta cikin sanarwar takarda, ma'aikata za su ɗauki sabuwar takardar a matsayin tarko, sai kowa ya koma neman yadda adadi zai yi daidai ko ta halin ƙaƙa. Katan ɗin da ruwa ya taɓa sai a cusa shi tsakiyar jeri maimakon a rubuta ya lalace. Kai kuwa abin da kake nema daga takarda shi ne ta gaya maka gaskiya ko da ba daɗi.

Kada kuma a manta cewa ba duk mai aiki a sito ne yake karanta boko ba. Wani ajami ya iya, wani ko ɗaya. Saboda haka manna takarda a ƙofa bai wadatar ba. A tara mutane da safe kafin a buɗe shago a karanta musu, a ɗauki shafi ɗaya a cike layi biyu a gabansu, na sayarwa da na aro. Idan shagon yana da zaure a WhatsApp, a tura hoton wasiƙar tare da saƙon murya. Wanda ya koma rubuta lissafinsa a kwamfuta ma wannan magana ba ta bar shi ba, domin na'urar abin da aka shigar mata kawai ta sani.

Daga ƙarshe, kada maigida ya ɗora wa takarda abin da ba za ta iya ba. Ba za ta gane buhun da aka tsiyaye kwano biyu aka ɗinke ba, wannan aikin sikeli ne. Ba za ta kama mutum biyu da suka haɗa baki ba, idan mai rubutawa shi ne kuma mai ƙirgawa. Maganin wannan shi ne wani dabam, wanda ba ya riƙe da mabuɗi, ya riƙa shiga sito a makonnin farko ba tare da sanarwa ba, ya zaɓi kaya uku ko huɗu ya ƙirga, ya gwada da abin da ke shafinsu. Idan ya sami bambanci a ranar, ana iya gano dalilinsa kafin dare, tun mutane suna tuna abin da ya fita.

Don haka, ya kai mai shago da ke saurarenmu, kafin ka raba sabuwar takarda, zauna da mai kula da sitonka ka tambaye shi ta waɗanne hanyoyi kaya suke fita ba rasit. Ya fi ka sani, kuma idan ka tambaya cikin mutunci zai faɗa maka. Abin da ya lissafa maka shi za ka zuba a wasiƙar, ka sa hannunka a ƙasa.